Lokacin Ninka Maki a Wasan Bakgamon: Ƙidayar Taki da Karatun Allo

Mafi yawan masu matsakaicin hannu a wasan bakgamon sun iya tura 'ya'ya daidai gwargwado, amma da an zo kan dayis ɗin ninki sai hannunsu ya yi sanyi. Wannan dayis, mai ɗauke da 2, 4, 8, 16, 32 da 64 a fuskokinsa, ba a jefa shi. Ya shigo wasan ne a birnin New York a shekarun 1920, shi ya sa har yau a gidajen shayin Masar da Turkiyya za ka tarar ana buga tawula ba tare da shi ba. Aikinsa ɗaya ne. Kafin ka yi jifa, kana iya miƙa wa abokin karawarka shi, ma'ana wasan da ake yi a kan maki 1 ya koma maki 2. In ya sallama, ka ci maki 1 nan take. In ya karɓa, wasa ya ci gaba a ninke, dayis ɗin kuma ya zama nasa, shi kaɗai ke da ikon sake ninkawa.

Mu fara da ɓangaren wanda aka miƙa wa, domin daga nan komai ya samo tushe. A ce yanayi iri ɗaya ya same ka sau huɗu. In ka sallama duka, ka yi asarar maki 4. In ka karɓa duka, aka cinye ka sau uku, ka rasa 6, ka ci sau ɗaya ka samu 2, asararka 4 ce dai. Ke nan muddin kana da damar cin wasa ɗaya cikin huɗu, kashi 25 cikin ɗari, karɓa ba ta fi sallamawa tsada ba. A tsere mai tsawo ma ana iya karɓa da ƙasa da haka kaɗan, saboda dayis ɗin yana hannunka, kuma in sa'a ta juyo kai ma za ka iya tilasta masa ya sallama. Mutane da yawa suna jin cewa karɓar ninki alhali ana baya ganganci ne. A gaskiya yawan sallamawa ya fi cin maki a ɓoye, domin asarar tana fita ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta yi zafi ba.

To ta yaya za ka san inda kake? Idan 'ya'yan kowa sun wuce na kowa, babu sauran mai iya buge wani, wasa ya zama tsere zalla, kuma ma'auninsa shi ne ƙidayar taki. Kowane ɗa ana ƙirga gidajen da suka rage masa kafin ya fita daga allo. Ɗan da ke gida na 6 yana da taki 6, uku a gida na 13 suna da 39, sai a haɗa jimilla. Kowa yana fara wasa da 167. Jifa guda a matsakaici tana cin taki 8 da ɗan ɗori, saboda tagwaye ana taka su sau huɗu, shida biyu ma 24 suke ci.

Ga tsere mai tsawo, 'yan wasa suna riƙe da lambobi uku: 8, 9, 12. Ka duba tazarar da ke tsakaninku, ka auna ta da ƙidayarka kai mai jifa. In kana gaba da kashi 8 cikin ɗari, ka isa yin ninkin farko. In dayis ɗin yana hannunka ne, ka jira sai kashi 9, domin sake shi na nufin ka rabu da makamin da kai kaɗai ke riƙe da shi. Shi kuma na baya yana iya karɓa har zuwa kashi 12. Idan kana da 100, za ka ninka daga 108, ka sake ninkawa daga 109, shi kuma ya karɓa har 112, daga 113 ya haƙura. Awo ne na kusa-kusa, kuskuren taki ɗaya a bakin iyaka ba ya cin wani abu mai yawa.

Wani zai ce me ya sa ba zan jira in ƙara tabbata ba? Ɗauki 100 da 109, kai ke da jifa, ka ƙi ninkawa. Ka jefa shida da biyar, shi ya jefa biyu da ɗaya. Yanzu 89 ne da 106, tazara 17, kusan kashi 19 cikin ɗari. Ka miƙa dayis, ya sallama ba tare da ya tsaya tunani ba, ka tashi da maki 1. Da ka ninka tun farko da ya karɓa, kuma yanzu kana buga wasan da kusan ya zama naka a kan maki 2. 'Yan wasa suna kiran wannan rasa kasuwa. Ana ninkawa ne a daidai lokacin da abokin karawa yake iya karɓa, amma jifa ɗaya mai kyau za ta iya kai shi inda ba zai karɓa ba. Haka nan garaje ma asara ne: wanda ya ninka a 100 da 104 ya ba da dayis kyauta a wasan da ke iya juyewa da tagwaye ɗaya.

Inda ƙidaya take yaudarar mutane shi ne kusa da ƙarshe, lokacin kwashe 'ya'ya. Taki ba duka ne ke da daraja ɗaya ba. Ɗan da ke gida na 1 taki ɗaya ake rubuta masa, amma fitar da shi yana cinye dayis guda cur, ko da shida ce ta fito, sauran biyar ɗin sun tafi a banza. Tom Keith ya tsara wata ƙidaya mai gyara wannan. A gida na 1, duk ɗan da ya ƙaru a kan na farko ana ƙara masa taki 2. A gida na 2, duk wanda ya ƙaru a kan na farko ana ƙara 1. A gida na 3, ana ƙara 1 ga duk wanda ya wuce uku. In gida na 4, na 5 ko na 6 fanko ne, kowanne taki 1. Bayan an yi wa kowa haka, mai jifa yana ƙara wa jimillarsa kashi ɗaya cikin bakwai, a yar da guntun. In sabuwar lambarsa ba ta zarce ta abokin karawa da fiye da 4 ba, ya ninka. In sake ninkawa ce, kada ta zarce da fiye da 3. Na baya kuma yana karɓa in lambar mai ninkin ta fi tasa da aƙalla 2.

Bari mu gwada a kan allo. Fari ne ke da jifa, yana da 'ya'ya 14: uku a gida na 6, uku a na 5, babu kowa a na 4, biyu a na 3, uku a na 2, uku a na 1. Takinsa 18 da 15 da 6 da 6 da 3, jimilla 48. Baƙi yana da 'ya'ya 11: huɗu a na 6, uku a na 5, uku a na 4, ɗaya a na 3, wato 24 da 15 da 12 da 3, jimilla 54. A ido, Fari yana gaba da 6 cikin 48, fiye da kashi 12 cikin ɗari, har ma mutum ya ɗauka Baƙi na bakin sallamawa. Yanzu a gyara. 'Ya'ya biyu na ƙari a gida na 1 sun jawo wa Fari 4, biyu na ƙari a gida na 2 sun jawo 2, fankon gida na 4 ya jawo 1, ya koma 55. Kashi ɗaya cikin bakwai na 55 shi ne 7, ya zama 62. Baƙi ba shi da tari a ƙasa, ba shi da giɓi a sama, yana nan a 54. Bambanci 8 ne, ninki biyu na iyakar da aka yarda. Fari bai isa ninkawa ba ko kusa. Dalilin a fili yake in ka daina kallon lamba ka kalli allo: 'ya'ya 14 suna buƙatar jifa bakwai in babu tagwaye, ko da kowane dayis ya fitar da ɗa, kuma hudun farko da zai jefa ba zai fitar da kowa ba. Baƙi kuwa kusan duk takin da ya jefa yana yi masa aiki.

Duk abin da ya gabata yana aiki ne in babu sauran haɗuwa. Da zarar akwai ɗan abokin karawa a bayanka, lambobin 8, 9, 12 sun zama shaida ɗaya cikin uku. Sauran biyun su ne tsarin allo, wato wa ya fi rufe gidajensa da kafa shinge, da kuma barazana, wato abin da jifa mai zuwa za ta iya haifarwa. Ƙa'idar da aka saba koyarwa ita ce, in ka fi shi a biyu daga cikin ukun ka yi tunanin ninkawa, in ka fi shi a duka ukun mai yiwuwa sallamawa ce ta dace da shi.

Misalin da ya fi yawan faruwa shi ne Baƙi ya kafa 'ya'ya biyu a gida na 5 na Fari ya zauna, Fari kuma yana gaba sosai a tsere amma sauran 'ya'yansa na gida na 13 ba su ƙetare ba. Tazarar da a tsere zalla za ta sa a sallama, a nan yawanci karɓa ce. Baƙi yana da hanyoyin ci biyu. Manyan tagwaye na iya dawo da shi cikin tsere, ko kuma Fari ya rasa jifar da za ta ƙetare da shi lafiya ya bar ɗa shi kaɗai. Ɗan da aka bari a tazarar gida shida, in hanya a buɗe take, jifa 17 cikin 36 ke buge shi, a tazarar gida ɗaya kuma 11. Sharaɗin shi ne gidajen Baƙi su kasance a rufe da kyau lokacin da damar ta zo, domin bugun da ba a iya tsare ɗan da aka buge ba shi da amfani sosai. In 'ya'yansa sun riga sun zube a gida na 1 da na 2, karɓar ta raunana.

Abin da ke juya lissafi ta ɗaya ɓangaren shi ne gamon, wato a cinye ka ba ka fitar da ko ɗa ɗaya ba, asara ta ninku. Wanda ya kafa ƙafa a gida na 5 da wuya a yi masa gamon, shi ya sa yake karɓa da kwanciyar hankali. Amma wanda ke da ɗa a kan shinge, da wani tilo a fili, ba tare da mafaka a gidan abokin karawa ba, kashi 25 ba ya isarsa. Ana ƙara rabin haɗarin gamon a kai: in cikin wasa ɗari za a yi maka gamon a 20, sai kana iya cin kusan 35 kafin ka karɓa. A irin wannan yanayi mutum na iya zama gaba a ƙidayar taki, duk da haka sallamawa ce daidai.

Ga mai shirin ninkawa da ya rasa gane inda allo ya dosa, Kit Woolsey ya ba da shawara mai sauƙin riƙewa: ka sa kanka a kujerar abokin karawarka, in kana shakkar ko karɓa ce ko sallamawa, to ka ninka. Sai dai a tuna cewa waɗannan lambobi na wasan da ake tara maki ba iyaka ne. A gasar da aka yanka adadin makin da za a kai, yawan makin da ya rage wa kowa yana matsar da iyakokin, musamman idan ɗayanku saura maki biyu ko uku ya gama.