Gurbin zoben da ke tare boris: yadda ake karanta awonsa daga jadawali

A bakin shaf ɗin injin ban ruwa, ko cikin giyar babur, ko bayan boris ɗin injin niƙa, za ka tarar da wani siririn zobe na ƙarfe mai ɓalli, da kunnuwa biyu masu huda inda ake sa bakin filaya. Aikinsa ɗaya ne: ya hana boris ko giya zamewa daga kan shaf. Ba ya yin wannan aiki sai an sassaƙa masa gurbi kewaye da shaf ɗin, ya faɗa ciki ya zauna, sauran jikinsa ya yi tsini a waje ya zama shinge. Zoben kuɗinsa kaɗan ne, ana samunsa a kowane shagon kayan inji. Gurbin kuwa mutum ne ke yanka shi, kuma a nan ake yawan yin ɓarna, domin masu sassaƙa ƙarfe da dama da ido suke yanke shi, ko su auna tsohon zobe su kwaikwaya.

Hanyar da ta dace ita ce a fara daga kaurin shaf, a je jadawalin masu ƙera zoben. Yawancin zobban da ake awonsu da milimita suna bin ƙa'idar Jamus mai lamba DIN 471, idan na kan shaf ne, ko DIN 472 idan na cikin rami ne. Kamfanoni daban-daban na buga wannan jadawali a littafin kayansu, kuma lambobin na tafiya daidai muddin ƙa'idar ɗaya ce. Kowane layi na shaf ɗaya ne. Harafin d1 shi ne kaurin shaf, d2 kaurin da zai saura a gindin gurbi bayan an yanke, m faɗin gurbi, s kaurin zoben kansa, d3 kuma faɗin cikin zoben yana ajiye ba a buɗa shi ba.

Bari mu ɗauki shaf mai milimita 25, irin wanda boris mai lamba 6205 ke hawa. Layinsa a jadawalin DIN 471 ya ce zoben kaurinsa 1.2, gindin gurbi 23.9, faɗin gurbi 1.3, cikin zoben kuma 23.2 yana ajiye.

A dubi lambobin nan biyu da kyau, 23.9 da 23.2. Cikin zoben ya fi gindin gurbin ƙanƙanta da milimita 0.7, kuma da gangan aka yi haka. Zoben ƙarfen sifirin ne. Idan ya faɗa gurbi, ba a so ya koma yadda yake a ajiye, so ake ya tsaya a ɗan buɗe yana matse da gindin gurbin ko'ina. Wannan matsi shi ke riƙe shi sa'ad da shaf ke juyawa da gudu, juyin na ƙoƙarin buɗe shi. Saboda haka wanda ya ɗauki sabon zobe ya auna cikinsa, ya ga 23.2, ya yanke gurbi daidai da wannan awo, ya kashe matsin ke nan. Zoben zai shiga ba gardama, mai aikin ya ji daɗi, amma idan ka taɓa shi da yatsa sai ya riƙa kewaya shaf kamar warwaro a hannun yarinya. Wanda ya auna tsohon zobe kuwa ya fi shi kuskure, don tsoho ya riga ya saki, awonsa ba ya nuna komai sai gajiyarsa.

Daga d1 da d2 ake fitar da zurfin yanka. A cire 23.9 daga 25, saura 1.1. Amma wannan ragin na gefe biyu ne, domin shaf kewaye yake, abin da wuƙa ta ci a nan ta ci a can. Sai a raba biyu, zurfin gurbi ya zama milimita 0.55 kacal. Wanda bai saba ba zai ga kamar bai isa ba, ya ji yana so ya ƙara. Kada ya ƙara.

A wannan gaɓa injin sassaƙa ƙarfe yana da tarkonsa. Hannun da ake murzawa a tura wuƙa ciki yana da lambobi, amma ba duk injuna ke ƙirga su iri ɗaya ba. A wasu, lambar tana nuna tafiyar wuƙa, a wasu tana nuna abin da ya ragu a kaurin ƙarfen, wato ninki biyu na tafiyar. Idan injinka tafiyar wuƙa yake nunawa, ka murza 1.1 maimakon 0.55, gindin gurbin zai sauka zuwa 22.8. Wannan ya yi ƙasa da 23.2 na zoben, ke nan zoben ba zai ma taɓa gindi ba, kuma abin da ya saura a waje don tare boris ya ragu. Ƙarfen da aka cire ba ya dawowa. Don haka mai hankali yakan taɓa wuƙa a jikin shaf, ya mai da lamba sifili, ya ci kaɗan, ya tsai da inji ya auna, sannan ya ƙarasa. Awon ma sai da ma'auni mai siririn baki da zai shiga faɗin 1.3 ya taɓa gindi. Idan bakin ya yi kauri, a kan gefuna zai tsaya ya ba ka lambar ƙarya.

Jadawalin yana ba da ɗan sassauci, tun da ba wanda zai iya yanka daidai ba ragi ba ƙari. Ga shaf na 25, gindin gurbi zai iya zama daga 23.9 zuwa 23.69, ba a yarda ya haura 23.9 ba. Faɗin kuwa daga 1.3 zuwa 1.44, ba a yarda ya gaza 1.3 ba. Dalilin a fili yake. Gurbin da bai kai zurfi ba yana barin zobe a buɗe fiye da kima, ɗan abin da ya shiga ciki bai isa ya jure turi ba, sai ya ɓalle. Gurbin da bai kai faɗi ba kuwa zoben ba ya sauka gindi, sai ya maƙale a rabi, a ɗauka ya zauna alhali a baki yake. Wanda ya yi faɗi da yawa shi ma yana da nasa ciwon: boris na samun wurin kai da komowa, yana dukan zoben, zoben na karkacewa, har bangon gurbin ya cinye.

Kada a ɗauka akwai wani lissafi guda da zai wadatar a bar jadawali. Shaf na 20 gindin gurbinsa 19, faɗi 1.3. Na 30 gindinsa 28.6, faɗi 1.6. Na 40 kuwa 37.5 da 1.85. Ragin ya tashi daga 1 zuwa 1.1 zuwa 1.4, sannan ya yi tsalle zuwa 2.5. Faɗin na 20 da na 25 ɗaya ne, amma na 30 ya sauya. Kai ba ya riƙe irin wannan, kuma babu kunya a manna takardar a bangon shago.

Haka nan a tabbata wane zobe ne a hannu kafin a buɗe jadawali. Akwai zobe mai ƙarfi na shaf ɗin 25 wanda kaurinsa milimita 2 ne, gurbinsa sai faɗin 2.15. Akwai kuma injunan da aka ƙera da awon inci. Shaf na inci ɗaya milimita 25.4 ne, ido ba zai bambance shi da na 25 ba, kuma gindin gurbinsa a jadawalin Amurka ya kusa 23.9 ƙwarai. Sai dai faɗin gurbin wajen 1.17 ne, zoben milimita mai kaurin 1.2 ba zai shige shi ba. Mai gyara ya ga haka, sau da yawa sai ya ɗauki guduma ko ya goge zoben a dutse, alhali zoben inci kawai ake bukata. Idan shaf ya cinye, kada a auna wurin da ya cinye a nemi layi da shi. A duba lambar boris ɗin da ke hawansa, ita za ta faɗi ainihin kaurinsa.

Sai wurin da gurbin zai zauna. Boris 6205 faɗinsa milimita 15 ne. Idan ya jingina da kafaɗar shaf a gefe ɗaya, zoben zai tare shi a ɗayan. Bangon gurbi na waje, wato wanda ke nesa da boris, shi ke ɗaukar turi, don haka daga shi ake awo: faɗin boris 15, a ƙara kaurin zobe 1.2, ya zama 16.2 daga kafaɗa, da ɗan ƙarin da zai bar zoben ya shiga. Bangon ciki ya ɗan shige ƙarƙashin boris, wannan ba laifi ba ne. Daga bangon waje zuwa ƙarshen shaf kuma dole a bar nama. Jadawali na kiran wannan n, kuma ga shaf na 25 bai kamata ya gaza 1.7 ba, kusan ninki uku na zurfin. Idan aka yanke gurbi dab da baki, ɗan leɓen da ya saura sai turi ya tsinke shi ya fita tare da zoben.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗora wa zobe laifi duk sa'ad da ya fita, a sayo sabo a mayar a gurbin da ya lalace. Zoben ƙarfe ne mai tauri, shaf kuma galibi ya fi shi laushi, saboda haka bangon gurbin ne ke fara sallamawa. A haska fitila a duba. Idan bakin bangon waje ya kwanta, ya yi santsi kamar gangare maimakon ya tsaya cak, sabon zobe ma hawa zai yi ya fice. Shi ya sa wuƙar yanka gurbi take bukatar baki miƙaƙƙe mai kusurwa masu kaifi, kuma idan za a goge ƙaiƙayin ƙarfe bayan yanka, a yi da sauƙi, kada a kashe kusurwar. Gefen boris ma yana da ruwa a ciki. Bakinsa a lanƙwashe yake, ba ya dafa zoben a kusa da shaf, sai can sama inda turi ke iya karkatar da shi. Jadawali na nuna cewa a irin wannan hali nauyin da zoben zai ɗauka bai kai rabin na asali ba. Inda turin ke da yawa, sai a sa wosha mai kauri mai kusurwa tsakanin boris da zobe, a ƙara kaurinta a lissafin wurin gurbi.

Wajen sawa, a buɗa zoben da filayarsa iya abin da zai haye shaf, kada a wuce, don wanda aka buɗa fiye da kima ba ya komawa. Zoben da aka buga daga faifan ƙarfe yana da fuska biyu, ɗaya mai kaifin gefe, ɗaya mai ɗan santsi, yatsa na iya jin bambancin. Mai kaifin ita za ta kalli waje ta ciji bangon gurbi, mai santsin ta kalli boris. Bayan ya faɗa, a duba kewaye a ga ya sauka daidai ko'ina, sannan a gwada juya shi da bakin filaya. Idan ya motsa da ƙyar, awon ya yi. Idan yatsa kaɗai na juya shi, a cire a auna gindin gurbin, a auna cikin zoben, a gwada su da 23.9 da 23.2.