Linkin da Mai Zane Ya Turo Miki Yana da Wa'adi

Mace mai sana'ar turaren wuta a Kano ta biya mai zane ya yi mata tambari, da takardar da ake liƙa wa kwalba, da babbar bana ta gaban shago. Aiki ya kammala, ya turo mata linki ta WhatsApp da kalma biyu: "Ga shi." Ta taɓa, ta ga hoton tambarin ya fito tsaf, ta yi godiya, ta koma harkokinta. Bayan mako uku, azumi ya ƙarato, ta je maɗaba'a za a buga mata takardun kwalba. Yaron shagon ya buɗe linkin a kwamfuta, shafin ya nuna cewa wa'adin saƙon ya ƙare. Irin wannan yana faruwa kullum tsakanin masu zane masu zaman kansu da masu ba su aiki, kuma galibi ba mai niyyar cutar wani. Bayanin da ya kamata ya raka linkin ne ba a rubuta ba.

Da farko, me ya sa ma ake turo linki? Fayilolin da ake bugawa da su suna da nauyi. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a maƙale da wasiƙa, alhali fayil ɗaya na bana mai faɗi yana iya ninka haka sau da yawa. WhatsApp kuwa, idan aka tura zane a matsayin hoto, matse shi yake yi ya rage masa kyau don ya yi saurin tafiya. A fuskar waya ba za ki lura ba, sai an buga shi a kan yadi mai ƙafa shida ki ga gefen haruffa ya dishe. Shi ya sa mai zane yake loda fayilolin a ma'ajiyar wani kamfani a intanet, ya ba ki adireshin wurin. Wannan adireshin shi ne linki. Kamar saƙo ne da aka aiko tashar mota: an kira ki an ce ya iso, amma yana hannun 'yan tasha har sai kin je kin karɓa, kuma ba za su riƙe shi har abada ba.

Linkin nan iri biyu ne, kuma rashin bambance su shi ne tushen yawancin rikicin. Akwai wanda aka yi shi don isar da saƙo kawai, irin na WeTransfer, kamfanin da aka kafa a Amsterdam a 2009. Shekaru da dama masu amfani da shi kyauta sun saba da kwana 7 kafin linki ya mutu. A 2024 kamfanin Bending Spoons na Italiya ya saye shi, daga baya wa'adin tsarin kyauta ya koma kwana 3. Masu zane da yawa sun ci gaba da cewa kwastoma "kina da mako guda" bisa sabo, kwastoma ta zo rana ta biyar ta tarar ƙofa a rufe. Don haka duk mai zane ya karanta ranar da shafin ya nuna masa lokacin da ya gama lodawa, ita zai rubuta, kada ya dogara da abin da ya sani bara. Kuma kwanakin suna fara ƙirguwa ne daga lokacin da aka tura, ko kwastoma ta buɗe ko ba ta buɗe ba.

Iri na biyu shi ne folda da aka raba daga ma'ajiyar mai zanen kansa, irin Google Drive. Wannan ba shi da ranar mutuwa a rubuce, abin da ke sa mutane su saki jiki su ɗauka nasu ne. Fayilolin suna zaune ne a asusun mai zane, kuma asusun kyauta na Google gigabait 15 ne, waɗanda Drive da Gmail da Google Photos suke ci tare. Mai zanen da ke aiki kullum zai cika wannan cikin 'yan watanni, dole ya share tsofaffin ayyuka. Abin da ya jefa kwandon shara na Drive yana gogewa gaba ɗaya bayan kwana 30. A ganina wannan irin ya fi haɗari ga kwastoma, domin na farko aƙalla yana faɗa mata ranar da zai ƙare, shi kuwa wannan sai ranar da take buƙata za ta san babu. Akwai kuma matsalar izini. Idan mai zane ya bar foldar a kan "Restricted", kwastoma za ta ga shafi yana neman ta roƙi izini, ko kuma ita ta iya buɗewa amma mai maɗaba'a ya kasa. Idan ya mayar da ita "Anyone with the link", kowa da linkin ya faɗa hannunsa zai iya shiga, har wanda aka tura wa bisa kuskure a wani zaure.

To ga yadda saƙon da ya dace zai kasance, a ce ran Litinin 10 ga wata mai zane ya tura wa mai turaren nan:

"Assalamu alaikum, Hajiya, barka da yamma. Aikin ya kammala, ga linkin da za ki sauke fayilolin. Linkin zai daina aiki ran Alhamis 13 ga wata, don haka ina roƙon ki sauke su zuwa Laraba da dare. Buɗewa a gani bai isa ba, ranki ya daɗe, sai kin danna Download kin jira ya gama. Nauyinsu megabait 600 ne, ya fi kyau a yi da kwamfuta ko inda sabis yake da ƙarfi. A ciki akwai folda uku: ta tambari, ta takardar kwalba, da ta bana. Fayilolin PNG su za ki sa a WhatsApp da Instagram. Na PDF da CDR su za ki kai maɗaba'a, kuma kada ki damu idan CDR ya ƙi buɗewa a wayarki, kwamfutarsu ce ke buɗe shi. Idan kin sauke, ki kwafe a filash, ki kuma sanar da ni. Zan riƙe kwafi a wurina har wata uku. Cikin wannan lokaci, idan linkin ya wuce ki, zan sake tura miki sau ɗaya kyauta. Bayan wata uku ba zan iya yi miki alkawarin suna nan ba. Na gode."

Abin da ya fi komai amfani a saƙon nan shi ne rana da suna da lamba. "Kwana uku" magana ce da kowa ke ƙirga ta yadda ya so: wani ya fara daga yau, wani daga gobe, wata kuma ba ta buɗe saƙon ba sai Laraba, ta ɗauka daga nan ne. Ya kuma ba ta wa'adin da ya gabaci na gaskiya da dare ɗaya, domin linkin da aka tura da yammar Litinin yana iya mutuwa da yammar Alhamis, ba sai tsakar dare ba. Idan kwastomar tana Jidda ne, agogonta yana gaban na Kano da awa 2, ta Kumasi kuma tana baya da awa 1, sai a faɗi lokacin wace ƙasa ake nufi.

Ambaton nauyi ma yana da dalili. Megabait 600 a kan sabis mai gudun megabit 2 a daƙiƙa zai ɗauki kusan minti 40, idan bai yanke ba. Mai ragowar data megabait 400 ba za ta kai ƙarshe ba, kuma gara ta san haka kafin ta fara. Sannan fayiloli da yawa sukan sauko a ƙunshe cikin fayil ɗaya na ZIP, wanda in an kwance shi zai sake cin wuri kusan kwatankwacin nauyinsa, wato wayar tana buƙatar sarari fiye da gigabait 1. Ana gane saukewar da ta katse ta hanyar duba nauyin abin da ya sauko. Idan mai zane ya ce 600, waya ta nuna 210, bai cika ba, kuma ZIP ɗin da bai cika ba ba zai kwance ba, sai ya riƙa nuna kuskure. Maganinsa a share a sake saukewa tun linkin yana da rai. A nan ne amfanin bai wa kai tazarar kwana ɗaya yake fitowa.

Bayanin wane fayil na wane aiki ne yana hana wata ɓarna da masu maɗaba'a suka sani sarai: kwastoma ta ɗauki hoton fuskar waya na tambarin, ko ta tura ɗan ƙaramin PNG, ta ce a buga bana da shi. CDR fayil ne na CorelDRAW, manhajar da maɗaba'u da yawa a Najeriya suke aiki da ita, kuma zanen da ke cikinsa ana iya faɗaɗa shi yadda ake so ba tare da ya dishe ba. Kwastomar da ba a gaya wa ba takan ga fayil ya ƙi buɗewa ta share shi, tana zaton ya lalace, alhali shi ne mafi daraja a cikin abin da ta biya.

Jimlolin ƙarshe na saƙon su ne masu zane suka fi jin nauyin rubutawa, don gani suke kamar rowa ce a ce wa babbar mace "bayan wata uku ba ruwana." Ni ina ganin rashin faɗar ne ya fi cutar da ita. Mai zane mutum ɗaya ne da laftof ɗaya, ana iya sace ta, ma'ajiyarta na iya lalacewa, shi kansa yana iya barin sana'ar. Idan bai faɗi iyakar riƙonsa ba, Hajiya za ta zauna da tunanin akwai mai ajiye mata, ba za ta damu da filash ba. Sake lodawa kuma yana ci masa data da lokaci, saboda haka yana da haƙƙin ya ce sau ɗaya kyauta, na gaba da ɗan kuɗi, muddin ya faɗa tun ranar miƙa aiki. Wata uku da na sa misali ne. Wani zai ce wata ɗaya, wani shekara, gwargwadon wurin ajiyar da yake da shi.

Saura tabbatarwa. WeTransfer yana aika wa mai turawa imel idan an sauke saƙon da ya tura ta imel, amma wannan bai nuna cewa fayilolin sun buɗe lafiya ba. Idan Laraba ta yi shiru, mai zane ya tura ɗan tuni: "Hajiya, gobe linkin zai rufe, an samu saukewa kuwa?" Ita kuma kafin ta amsa da "an sauke", ta kashe data ta shiga ma'ajiyar fayilolin wayarta ta buɗe PDF ɗin. Idan ya buɗe ba intanet, yana wayarta. Daga nan ta kwafe shi a filash, ta kuma loda kwafi a nata asusun Drive ɗin, wanda imel ɗinta da lambar sirrinta suke buɗewa.