Wotafol ko Ajayil: Yadda Ake Zaɓen Hanyar Gina Manhaja Idan Buƙatu Ba Su Fito Fili Ba

Masu gina manhajar kwamfuta suna da manyan hanyoyi biyu na tsara aikinsu. Ta farko ita ce wotafol, inda ake bin aiki daki-daki: a tattara buƙatun mai aiki a rubuta su, a zana tsarin manhajar, a gina ta, a gwada, sannan a miƙa. Ba a shiga wani mataki sai an rufe na baya an sa hannu. Ta biyu ita ce ajayil, inda ake yanka aikin gunduwa-gunduwa, a ɗauki zango na mako biyu zuwa huɗu, a gina wani ɗan ɓangare mai aiki, a nuna wa masu amfani da shi, a ji ta bakinsu, sannan a yanke abin da za a yi a zango na gaba.

Ana danganta wotafol da wata muƙala da injiniya Winston Royce ya fitar a 1970, ko da yake shi kansa ya yi gargaɗi a cikinta cewa bin matakan sau ɗaya tak yana da haɗari, domin gwaji yana zuwa ne a ƙarshe, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada. Ajayil kuwa ya samu sunansa ne a watan Fabrairun 2001, lokacin da masana manhaja 17 suka haɗu a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka suka fitar da gajeriyar sanarwa kan yadda suke ganin ya kamata a yi aikin.

Idan an san abin da ake so tun farko, kowace hanya tana iya kai wa ga gaci. Zaɓin yana yin nauyi ne idan mai aikin bai iya faɗin abin da yake so dalla-dalla ba. Abin da ya faru da hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ya nuna yadda lamarin yake a aikace.

A farkon shekarun 2000, jami'an FBI suna aiki da wata tsohuwar manhaja ta 1995 mai wuyar sha'ani, kuma yawancin bayanan bincike a takarda suke yawo daga tebur zuwa tebur. A 2001 aka ba kamfanin SAIC kwangilar sabunta ta. Da aka kai harin 11 ga Satumban shekarar, sai buƙata ta sauya gaba ɗaya: maimakon kwaskwarima, hukumar ta nemi sabuwar manhaja da za ta haɗa bayanan ofisoshinta wuri guda, aka sa mata suna Virtual Case File. An zauna da jami'ai wata da watanni ana tambayarsu yadda suke aiki, aka fito da kundin buƙatu mai shafi fiye da 800.

Kaurin kundin bai hana matsala ba. Jami'an sun bayyana aikin da suka saba yi da takarda, amma ba su taɓa ganin yadda zai kasance a kwamfuta ba. Duk sanda aka nuna musu wani ɓangare sai su ga abin da ba su yi tunaninsa ba, su nemi a sauya. A cikin shekara guda an shigar da buƙatun sauyi kusan 400. Kamfanin ya miƙa manhajar a watan Disambar 2003, hukumar ta duba ta ce ba za ta yi amfani ba, aka shiga jayayya kan ko kuskuren magina ne ko kuwa mai aiki ne ya sauya magana. A 2005 aka yi watsi da ita bayan an kashe kimanin dala miliyan 170.

Ba ƙarancin rubutu ne ya kashe aikin ba. Rashin fitowar buƙatu iri biyu ne, kuma bambance su shi ne ginshiƙin zaɓin. Akwai buƙatar da ba ta fito ba saboda ba a tambayi wanda ya sani ba. Yadda ake lissafin harajin albashi, alal misali, yana nan a rubuce cikin doka; idan magina ba su san shi ba, maganin shi ne su karanta, su zauna da akanta na 'yan makonni, daga nan su ci gaba da aiki daki-daki ba tare da fargaba ba. Akwai kuma buƙatar da babu wanda ya san ta, har shi mai aikin, sai ya taɓa abin da hannunsa. Wane bayani jami'i yake son gani da zarar ya buɗe fayil? Mutum nawa za su sa hannu kafin a shigar da rahoto? Irin wannan ba ta fitowa da yawan taro. Kundin da aka rubuta a kanta zato ne kawai aka sa wa hatimi, kuma wotafol yana ɓoye kuskuren zaton har zuwa ranar gwaji.

Ana iya gane irin wadda ake fuskanta da gwaji mai araha. A tambayi ma'aikata uku masu aiki iri ɗaya, kowa shi kaɗai, yadda suke son abin ya kasance. Idan amsarsu ta zo ɗaya, ko suka nuna takardar da amsar take ciki, buƙatar sananniya ce. Idan kowa ya kama gabansa, ko aka zana musu hoton allon a takarda suka fara cewa a matsar da wannan a cire wancan, to sai an gina an gani.

FBI ta sake gwadawa a 2006 da wani aiki mai suna Sentinel, ta ba kamfanin Lockheed Martin, aka raba shi kashi huɗu manya da nufin gamawa a ƙarshen 2009 kan dala miliyan 425. Zuwa tsakiyar 2010 an kashe kimanin dala miliyan 405, kashi biyu kawai aka miƙa. A nan hukumar ta karɓe ragamar aikin, ta mayar da shi hedikwatarta a Washington, ta rage masu aiki daga ɗaruruwa zuwa 'yan gommai, ta koma ajayil. An mayar da sauran aikin zuwa ƙananan buƙatu 670, kowace an rubuta ta a matsayin abin da wani mai amfani yake son yi, aka tsara zango 21 na mako biyu-biyu. Ƙarshen kowane zango sai a nuna abin da aka gina yana aiki a gaban jami'ai.

Amfanin wannan tsari yana cikin lissafi mai sauƙi. Buƙatu 670 a zango 21 na nufin kusan 32 a kowane zango, idan an ɗauka girmansu ɗaya ne. A ce bayan zango huɗu an ga 20 kawai ake gamawa, to tun wata na biyu shugabanni sun san cewa aikin zai ci zango 33 ko 34, sai su zaɓa: a ƙara lokaci, ko a zubar da buƙatun da ba su da muhimmanci. A wotafol rahoto yana iya cewa an gama kashi 80 cikin 100 alhali babu wanda ya taɓa kunna manhajar, domin takardu ake ƙirgawa.

Sentinel ma bai cika alkawarin lokaci ba. An so gamawa a Satumban 2011, amma da aka yi babban gwaji da jami'ai masu yawa a watan Oktoba, sai na'urorin da manhajar take kai suka kasa ɗaukar nauyin, dole aka sayi sababbi. Sai ranar 1 ga Yulin 2012 aka buɗe ta ga dukan ma'aikata. Masu yabon ajayil sukan ba da labarin kamar hanyar ce kaɗai ta ceci aikin, amma gaskiya ta fi haka faɗi. Ƙaramin rukunin ya gaji ɓangarorin da Lockheed ya riga ya gina, an sauke wasu buƙatu an sauya wasu, kuma bayan shekara goma ana faɗi-tashi hukumar ta fahimci abin da take so fiye da da. Matsalar na'urorin kuma ta nuna iyakar tsarin: yawan mutanen da manhaja za ta ɗauka, da tsaronta, da yadda za a kwashe tsofaffin bayanai, abubuwa ne da ake yanke su tun farko. Kamar gini ne: ana iya sauya fenti da ƙofofi bayan an tare, amma wanda bai haƙa harsashin bene ba ba zai ɗora bene daga baya ba.

Ajayil yana da sharuɗɗan da idan babu su, suna kawai ake ɗauka. Mafi girma shi ne samun mutum ɗaya daga ɓangaren mai aiki wanda yake da lokaci da ikon cewa wannan ya fi wancan muhimmanci, kuma maganarsa ta zauna. Idan kowace shawara sai ta jira zaman kwamiti na wata-wata, zangon mako biyu ba shi da ma'ana. Sai kuma kwangila. Yarjejeniyar da ta ƙayyade farashi da rana da jerin kayan da za a miƙa wotafol ce, ko me aka kira ta, kuma duk sauyi a cikinta sai an yi ciniki. Wannan ne ya sa ma'aikatun gwamnati suke karkata ga wotafol, tunda ƙa'idar ba da kwangila takan nemi a bayyana aiki kafin a buɗe tayi. Mafita da ake yawan bi ita ce a raba kwangilar biyu: ƙarama ta 'yan makonni don bincike da gina samfuri, sannan babba bayan ƙura ta lafa.

Birtaniya ta ga ɗaya gefen. Ma'aikatar ayyuka da fansho ta ƙasar ta fara gina manhajar tallafin Universal Credit da sunan ajayil, amma a 2013 ofishin binciken kuɗin gwamnati ya gano cewa ma'aikatar ba ta saba da hanyar ba, kuma ba ta da cikakken hoton yadda shirin zai yi aiki. A lokacin an riga an yi asarar aikin manhaja na fam miliyan 34. Ajayil yana taimakawa wajen gano dalla-dallar buƙata, amma ba ya ƙirƙiro manufa ga wanda bai tsayar da ita ba.

Akwai kuma ayyukan da ba sa karɓar gwaji a kan jama'a. Manhajar da ke sarrafa jirgin sama ko na'urar asibiti sai hukuma ta tantance ta da takardu kafin a yi amfani da ita, kuma rabinta ba ya amfanar kowa. A nan, idan buƙatu ba su fito ba, ana kashe lokaci wajen fito da su da samfuri da kwaikwayo a ɗakin gwaji, sannan a kulle su a gina daki-daki.

Bayan an zaɓa ma ana iya gane an kauce. A wotafol, alamar ita ce buƙatun sauyi suna ƙaruwa wata bayan wata maimakon raguwa, kuma taron aiki ya koma muhawara kan ma'anar wani sakin layi na kundi. A ajayil, alamar ita ce zango yana ƙarewa ana nuna hotuna da rahoto maimakon manhaja mai aiki, ko masu amfani na gaskiya sun daina zuwa kallo, ko jerin sauran aiki yana tsawo fiye da yadda ake rage shi. Idan ta farkon ta bayyana, ana tsayar da babban gini a ware ɓangaren da ake jayayya a kansa a gina shi zango-zango. Idan ta biyun ce, ana dakatar da zangon har sai an naɗa mai yanke shawara an kuma rubuta iyakar abin da sigar farko za ta ƙunsa.