Juma'ar da Ake Saya da Awa Ɗaya-Ɗaya

A manyan kamfanonin ƙera jiragen sama na Amurka, irin su Northrop Grumman, akwai Juma'ar da filin ajiye motoci ke zama wayam, alhali ba ranar hutun gwamnati ba ce. Ma'aikatan sun riga sun biya kuɗinta da guminsu. Tsarin da suke bi ana kiransa 9/80, wato aikin awa 80 na mako biyu a cikin kwana 9 maimakon 10. A Birtaniya da Ostareliya ma an san shi.

Lissafin ba wuya. Daga Litinin zuwa Alhamis ma'aikaci yana yin awa 9 a kullum. Juma'ar farko ya yi awa 8, ta biyu kuwa ya kwana da shirin barcin safe. Awa ɗayan nan da yake ƙarawa sau takwas ita ce ta haɗu ta zama yini guda.

Inda gizo ke saƙar shi ne doka. Dokar ƙwadago ta Amurka ta 1938 ta ce ma'aikacin da ake biya bisa awa, in ya wuce awa 40 a mako, sai a biya shi ninki ɗaya da rabi a kan abin da ya haura, kuma ba a yarda a haɗa mako biyu a raba daidai ba. To ga shi makon farko ya kai awa 44, na biyu 36. Mai karɓar dala 30 a awa zai ci ƙarin dala 60 kowane mako biyu.

Dabarar da kamfanoni suka samo ita ce su yanka Juma'a biyu, tunda doka ta bar musu zaɓin ranar da lokacin da makon aikinsu zai fara. Sai su ce yana farawa ƙarfe 12 na ranar Juma'a. Wanda ya shiga aiki ƙarfe 8, awa huɗunsa na safe sun cike makon da ya gabata, na yamma kuma sun buɗe sabo. Kowane mako ya tashi 40 cif.

Sai dai tsarin ba ya son wasa. Idan ma'aikaci ya yi sammako ya fara ƙarfe 7, makonsa ya zama awa 41. Idan kuma ya yi musayar Juma'a da abokin aiki don zuwa biki, har ya yi aiki Juma'a biyu a jere, makon da ke tsakaninsu ya koma 44. Akawun albashi yakan gane matsalar ne daga takardar sa hannu, sau da yawa bayan bashi ya taru.

A jihar Kalifoniya abin ya fi tsauri, domin can ƙarin lokaci yana farawa ne bayan awa 8 a yini. Kafin kamfani ya kafa wannan tsari ba tare da biyan ƙari ba, dole kashi biyu cikin uku na ma'aikatan da abin ya shafa su amince ta ƙuri'ar sirri.