Yadda Jarumin Wasan Bidiyo Ke Faɗuwa Ya Tashi

Idan mota ta banke jarumi a wasan bidiyo, kwamfuta takan daina bin motsin da aka tsara, ta sakar wa nauyi gaɓoɓinsa, ya zube kamar 'yar tsana. Dole ne kowace gaɓa ta gaji saurin da take da shi kafin karon. In ba haka ba, mai gudu zai faɗi nan take kamar buhu.

Tashin ya fi wuya. Injin zai jira jikin ya lafa, ya duba ƙugu: rigingine yake ko rubda ciki? Sai ya zaɓi motsin tashi da ya dace, ya daidaita mafarinsa da inda jikin yake kwance, ya karkato gaɓoɓin a hankali cikin kusan rabin daƙiƙa. Idan aka manta daidaitawar, jarumin zai zabura ya koma inda aka buge shi.