Wasiƙar bayan taron bidiyo

An kammala taron ƙungiya a Zoom, manhajar ta fitar da rubutaccen bayanin duk abin da aka faɗa. Kada sakatare ya tura shi yadda yake, domin ba wanda zai karanta shafuka goma.

Abin nema a ciki shi ne wuraren da aka yanke shawara, da inda wani ya ɗauki alkawari. A ce ma'aji ta ce za ta kawo lissafin kuɗin gyaran rijiya “mako mai zuwa”. A wasiƙar imel sai a rubuta aikin da sunan mai yinsa, a kuma sa takamaimiyar rana, domin kowa da yadda yake fahimtar mako mai zuwa. Idan ba ta faɗi ranar ba, a tambaye ta kafin a aika.

Na'ura kan yi kuskure a sunaye da lambobi, balle idan mutum biyu suna magana lokaci guda. Duk adadin kuɗi, a koma faifan a saurara. A lura kuma, “ya kamata mu yi” shawarar mutum ɗaya ce. Rubuta ta a matsayin matsayar taro zalunci ne ga waɗanda ba su amince ba.

A aika wasiƙar kafin washegari ta wuce, tare da roƙon mahalarta su gyara abin da aka ji ba daidai ba.