Dannawa ɗaya, ƙidaya bakwai

Ɗalibi ya haɗa maɓalli da allon Arduino Uno don ƙirga mutanen da ke shiga ɗaki. Ya danna sau ɗaya, sai ga lamba ta nuna bakwai. Maɓallin lafiyarsa ƙalau, halin ƙarfe ne kawai.

A cikinsa akwai ƙarafa biyu masu ɗan tsalle. Idan aka danna, sukan haɗu, su rabu, su sake haɗuwa, kamar ƙwallon da aka jefa a daɓe, kafin su natsu. Rawar takan ƙare cikin 'yan milisakan, wato kashi dubu na daƙiƙa. Yatsa ba ya jin komai, amma allon yana aiki da bugu miliyan 16 a daƙiƙa, don haka kowane tsalle a wurinsa sabuwar dannawa ce.

Magani na farko na kayan lantarki ne. A haɗa rizista mai om 10,000 da kafasita mai maikrofarad 1. Kafasitar takan cika a hankali, ta kai kusan kashi biyu cikin uku a milisakan 10, ta shanye rawar. Sai dai siginar takan tashi da sanyin jiki, shi ya sa ake ƙara guntun 74HC14 ya daidaita ta. Kowane maɓalli kuma da nasa kayan.

Na biyu a cikin manhaja yake, ba ya cin ko kwabo. Allon ya ga canji, ya duba `millis()`, ya ƙi yarda sai siginar ta zauna daram na milisakan 50. Ga aikin ɗalibin, wannan ya fi dacewa nesa ba kusa ba. Kuskuren da ya kamata ya guje wa shi ne `delay(50)`, domin yana tsayar da shirin gaba ɗaya har lokacin ya wuce.